Lens ɗin torik da matsalar juyawa: nazarin idon da lens na gama-gari ya kasa gyarawa

Lamarin da za a bi a nan irin wanda ake yawan cin karo da shi ne a ɗakin awon ido. Matashiya ce mai shekara 26, akawu, ta daɗe tana sa tabarau kuma tana gani da shi tangaran. Da ta so komawa lens ɗin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, sai ta kai takardar tabaraunta wani shago, aka ba ta lens mai laushi na gama-gari, mai ƙarfin -2.75 a dama da -2.50 a hagu. Mako biyu ba su cika ba ta zo da koke. Lambobi a kwamfuta suna fitowa da inuwa a jikinsu, 3 da 8 suna rikice mata, fitilun mota da daddare suna jan wutsiya, kuma kafin la'asar goshinta ya ɗau ciwo. Ita a zatonta lens ɗin ne ke juyawa a idon.

Ga abin da takardar tabaraun ta ƙunsa. R idon dama ne, L na hagu; SPH lambar ƙarfi ta farko ce, CYL silinda ce, wato ƙarin ƙarfin da layi ɗaya na ido ke buƙata, AXIS kuma aksis ne, digirin da silindar ke kwance a kai:

```
      SPH     CYL    AXIS
R   -2.00   -1.75      10
L   -2.25   -0.50     175
```

Da tabarau, kowane ido yana karanta layin 6/6 a allon gwaji, wato cikakken gani. Da lens ɗin shago, idon hagu ya riƙe 6/6, na dama kuwa ya tsaya a 6/12. Wannan bambanci tsakanin idanun biyu ya isa ya nuna inda matsalar take, domin lens iri ɗaya ne a kansu, kuma dukansu biyu suna juyawa.

Abin da lens ɗin farko ya bari bai gyara ba

Koniya, wato garai-garan murfin da ke gaban ƙwayar ido, ita ce ke yin mafi yawan aikin tanƙwara haske zuwa bayan ido. A idon da ke da astigmatizim, lanƙwasarta ba ɗaya ba ce ta kowace fuska: ta wani layin ta fi tudu, ta layin da ya gitta shi kuma ta fi shimfiɗewa. Saboda haka hasken ba ya haɗuwa a ɗigo guda, sai ya haɗu a wurare biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Da aka auna koniyar dama da keratomita, na'urar auna lanƙwasar koniya, an sami dayofta 43.00, wato ma'aunin ƙarfin tanƙwara haske, a layin digiri 10, da 44.75 a layin digiri 100. Ratar 1.75 ce, daidai da silindar da ke takarda, wanda ke nuna cewa kusan duk astigmatizim ɗin a koniya yake zaune.

Idan aka warware takardar idon dama, layin da ke kusan kwance yana buƙatar -2.00, layin da ke kusan tsaye kuma yana buƙatar -3.75, wato -2.00 da -1.75 a haɗe. Mai shagon ya bi lissafin da aka saba yi: a raba silinda biyu, a ƙara rabin a kan lambar farko. Hakan ya ba shi -2.875, ya ɗauki -2.75 da ke kusa. To amma lens mai ƙarfi ɗaya ta ko'ina ba zai biya buƙata biyu ba. A layin kwance ya wuce da 0.75, a layin tsaye ya gaza da 1.00. Babu layin da ya dace, an dai raba dishi-dishin ne tsakaninsu. Daga nan inuwar jikin lambobi ta fito, ciwon goshin kuma na ƙoƙarin da ido ke yi ne yana neman inda hoton zai tsaya bai samu ba.

A idon hagu wannan dabarar ta yi aiki, don silindar 0.50 ce kawai, abin da ya rage a kowane layi bai wuce 0.25 ba, kuma mafi yawan mutane ba sa lura da shi. Shi ya sa aka ɗauki 0.75 a matsayin mizanin da ake fara tunanin lens na torik daga kansa.

Zaton da ta yi na cewa lens ɗin yana juyawa gaskiya ne, sai dai ba shi ne sanadin ba. Lens na gama-gari kaurinsa ɗaya ne zagaye da bakinsa, babu abin da zai tsayar da shi a fuska guda, don haka kowace ƙiftawa tana iya ɗan murɗa shi. Amma tunda ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska, ko ya yi cikakken zagaye gani ba ya canzawa. Laifinsa na gaskiya laushinsa ne. Kaurin tsakiyarsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, yana kwanciya a kan koniya ya ɗauki siffarta, sai tudun da ke ƙasa ya bayyana a samansa yadda yake. Akwai masu cewa a nemi lens mai ɗan kauri zai rufe astigmatizim. Abin da yake rufewa bai taka kara ya karya ba, kuma ga silindar 1.75 ɓata kuɗi ne kawai.

Yadda torik ke tsayawa a wurinsa

Lens ɗin torik yana ɗauke da ƙarfi biyu a layuka biyu masu gittar juna, kamar gilashin tabarau. Bambancin shi ne tabarau firam ne ke riƙe da shi a kan hanci, shi kuwa wannan a kan hawaye yake shawagi, fatar ido tana shafarsa sau dubbai a yini. Dole a jikinsa a gina abin da zai mayar da shi fuskarsa duk lokacin da ya kauce.

Hanyoyi biyu suka fi yawa a kasuwa. Ta farko ita ce a ƙara wa ƙasan lens ɗin kauri, samansa ya zama siriri, siffar da ake kira firizim, mai ƙarfin 1 zuwa 1.5. Mutane da yawa suna ɗauka nauyi ne ke jan ɓangaren mai kauri ƙasa. Nauyi yana da ɗan tasiri, amma babban mai aikin fatar ido ta sama ce. Idan aka matse ƙwallon kankana mai santsi tsakanin yatsu biyu, ta ɓangarensa mai kauri yake tsere wa matsin. Haka fatar ido ke matse siririn ɓangaren a ƙarƙashinta, mai kaurin ya kuɓuce ya yi ƙasa. Hanya ta biyu ita ce a sirance sama da ƙasa duka, a bar kaurin a gefe biyu, inda agogo ke nuna ƙarfe 3 da ƙarfe 9, sai fatun ido biyu su riƙe siraran wuraren, masu kaurin su zauna a buɗaɗɗen fili tsakaninsu. Irin wannan sama da ƙasansa ɗaya ne, kuma kwanciya ko karkata kai ba su cika kautar da shi ba kamar mai firizim.

Tunda fatar ido ce ke tuƙin, siffarta ce ke yanke inda lens zai tsaya: tsaurinta, karkatar kusurwowin ido, faɗin buɗewarsa, da ƙarfin ƙiftawar mutum. Babu takardar tabarau da ke ɗauke da waɗannan. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a sayen torik da takarda kaɗai, sai an ɗora shi a ido an gani.

Don a iya gani ɗin, kamfanoni suna zana ɗan siririn layi a jikin lens, galibi a ƙasa wurin ƙarfe 6, wasu a ƙarfe 3 da 9. A nan sababbin hannu kan yi tuntuɓe: layin ba ya nuna inda aksis ɗin silinda yake. Yana nuna inda ƙasan lens ɗin ya fuskanta ne kawai.

Gwajin farko

Torik mai laushi da ake samu a shirye ba ya zuwa da kowace lamba. Silindarsa galibi -0.75, -1.25, -1.75 da -2.25 ce, wasu kamfanonin har -2.75, aksis kuma goma-goma yake tafiya. Idon damanta ya faɗa daidai kan lambobin da ake da su, sai aka ɗauko -2.00 -1.75 × 10, mai faɗin milimita 14.5 da lanƙwasar ciki 8.6. Da silindarta ta faɗa tsakanin biyu, a ce 1.50, ƙaramar ake ɗauka, domin idan lens ya ɗan kauce, ɓarnar ƙaramar silinda ta fi sauƙi.

Ba a buƙaci sauya lambobin tabarau ba a nan, saboda babu layin da ya haura 4.00. Idan ya haura, tazarar milimita 12 da ke tsakanin tabarau da ido tana shiga lissafi, kuma kowane layi daban ake yi masa. Takarda mai -5.00 -2.00, alal misali, layukanta -5.00 da -7.00 ne, a kan ido suna komawa kusan -4.75 da -6.50, sai silindar da za a nema ta zama -1.75. Wanda ya gyara lambar farko kaɗai ya bar silinda yadda take, ya ba mutum fiye da buƙatarsa.

An sa lens ɗin, aka bar ta minti 15 tana ƙiftawa yadda ta saba, domin abin da aka gani a mintunan farko ba abin dogaro ba ne, ido yana hawaye, lens bai zauna ba. Da aka dawo allon gwaji, da ƙyar ta kai 6/9, ta ce bambancinsa da na shago kaɗan ne. A ƙarƙashin na'urar haska ido, lens ɗin ya rufe koniya sosai, yana motsi kamar sulusin milimita da kowace ƙiftawa, wanda shi ake so. Amma layin alamar ba ya ƙarfe 6. Ya karkata zuwa hannun daman mai dubawa, wato wajen hancinta, da digiri 20. Ana auna wannan ta hanyar sirance hasken na'urar ya zama tsinke, a juya shi har ya hau kan alamar, a karanta digirin. Idan na'urar ba ta da ma'auni, ana kintata da agogo: tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 5 digiri 30 ne, alamarta ta ci kashi biyu cikin uku na wannan tazarar.

Digiri 20 kamar ba wani abu ba ne a baki, amma ga abin da yake jawowa. Idan silinda ta kauce daga aksis ɗinta, ragowar astigmatizim da ido zai gani ana lissafa shi haka, C ƙarfin silinda, θ kuma yawan kaucewar:

```
R = 2 × C × sin θ
R = 2 × 1.75 × sin 20° ≈ 1.20
```

Wato daga cikin 1.75 da aka zo gyarawa, 1.20 ya dawo ta wata fuskar. Kaucewar digiri 10 tana dawo da kusan sulusin silindar, digiri 15 rabi, digiri 30 kuwa tana dawo da ita gaba ɗaya, kamar ba a sa torik ba. Abin da ya haura 30 ya fi lens na gama-gari muni. Lissafin ya kuma nuna dalilin da mai silindar 0.75 ke jure kaucewar digiri 10 bai ma sani ba, ragowarsa kusan 0.25 ce, alhali mai 2.25 ragowarsa ta haura 0.75, nan take zai koka.

An tabbatar da hakan ta sake auna idon da lens ɗin a kansa. Awon ya ba da +0.50 -1.25 × 155. Wannan siffar tana da amfani a gane ta: lambar farko kusan rabin silindar ce amma da kishiyar alama, aksis ɗin kuma ya faɗa can wani wuri nesa da na takardar asali. Duk inda aka ga haka, ƙarfin lens daidai yake, fuskarsa ce ta kauce. Mai gaggawa sai ya fara sauya ƙarfi, ya ƙara dagula lissafi.

Gyaran, da sharaɗinsa

Kafin a taɓa lambar aksis, sai an amsa tambaya ɗaya: kaucewar a tsaye take ko tana yawo? An sa ta ƙifta da ƙarfi, ta kalli sama, ƙasa, dama da hagu, ta dawo tsakiya. Alamar ta koma digiri 20 ɗinta kowane karo, ba ta rawar da ta wuce digiri 5. An kuma murɗa lens ɗin da yatsa ta bayan fatar ido ta ƙasa har ya kauce sosai, cikin ƴan ƙiftawa ya dawo inda yake. Wannan lens ne da ya sami mazauninsa, mazaunin ne kawai ba a ƙarfe 6 yake ba.

Irin wannan ana gyara shi da lissafi. Ƙa'idar, daga ɓangaren mai dubawa, ita ce: idan alamar ta yi hagu a ƙara digirin a kan aksis ɗin tabarau, idan ta yi dama a rage. Masu sana'ar suna taƙaita ta da LARS, haruffan farko na ƙa'idar a Turanci. Tata ta yi dama da 20, don haka 10 a cire 20, ya ba da -10. Aksis daga 1 zuwa 180 yake, sai a ƙara 180, ya zama 170. Lens ɗin da aka nema shi ne -2.00 -1.75 × 170. Abin lura, daga aksis ɗin tabarau ake yin lissafin, ba daga na lens ɗin gwaji ba. A nan sun zo ɗaya, amma sau da yawa lens ɗin gwajin da ke hannu na kusa ne kawai, wanda ya lissafa daga kansa zai kauce.

Da sabon lens ya zauna, ta karanta 6/6, inuwar lambobi ta ɓace. Alamar kuwa tana nan a karkace da digiri 20 zuwa dama, kuma haka ake so. Siffar jikin lens ɗin ba ta canza ba, fatar idonta ma ba ta canza ba, don haka inda na farko ya tsaya nan na biyu zai tsaya. Silindar da ke ciki aka ja baya da digiri 20, don idan ya yi juyawarsa 170 ta sauka a kan 10. Wanda ya ga alamar a karkace ya sake rage wani 20 ya rushe gyaran. Da a ce sabon lens ya zo ya tsaya cak a ƙarfe 6, wannan ne abin damuwa, don yana nufin kaucewar farko ba tabbatacciya ba ce.

Gyaran nan na wannan samfurin ne kaɗai. Idan ta koma lens ɗin wani kamfani, aksis 170 ba zai bi ta ba, sai an sake gwaji daga aksis 10. Haka kuma idan kaucewa ta kai digiri 30, ko alamar tana yawo daga wannan ƙiftawa zuwa waccan, lissafi ba ya magani. Sai a sauya tsarin lens, daga mai firizim zuwa mai siraran sama da ƙasa ko akasin haka, ko a nemi wata lanƙwasar ciki ko wani faɗin.

Idon hagu an bar shi da lens na gama-gari -2.50. Babu laifi ido ɗaya ya sa torik ɗaya bai sa ba, sai dai a irin wannan hali an fi son torik maras firizim a tsakiyar gani, don firizim a ido ɗaya kaɗai kan iya sa hotunan idanu biyu su ɗan saɓa sama da ƙasa ga wasu mutane. Nata mai siraran sama da ƙasa ne, maganar ba ta taso ba.

Dishi-dishin yamma

A ziyarar bibiya bayan mako biyu, wadda ta faɗo cikin hunturu, ta ce da safe gani lafiya lau, amma daga la'asar yana zuwa yana tafiya. An ba ta lokacin yamma da gangan, bayan lens ya yi awa takwas a ido, don a ga abin a lokacin da yake faruwa. Tambayar da ke raba gardama a nan ita ce me ke faruwa daidai bayan ƙiftawa. Idan gani ya dushe da ƙiftawa sannan ya washe, lens ya yi sako-sako, fatar ido tana jansa yana dawowa. Idan ya washe da ƙiftawa sannan ya dushe cikin ƴan daƙiƙoƙi, ko dai saman lens yana bushewa ko lens ya matse. Nata na biyun ne.

Na'ura ta nuna alamar tana wurinta, amma saman lens yana bushewa da sauri bayan kowace ƙiftawa, ga ɗigo-ɗigon kwalli a gefensa na ƙasa, motsinsa kuma ya ragu. Busasshiyar iskar hunturu, iyakwandishan na ofis, da zura wa kwamfuta ido wanda ke rage yawan ƙiftawa, sun haɗu a kanta. Busasshen lens yana kama fatar ido yana biye mata, wani lokacin kuma ya lafe a kan koniya, idan ya kauce ya kasa dawowa. Ba a taɓa lambobi ba. An ba ta ɗigon jiƙa ido maras sinadarin adanawa, wanda aka yi don a ɗiga shi a kan lens, aka ce ta sa lens kafin kwalliya ta cire shi kafin wankewa, ta daina zizara kwalli a cikin bakin fatar ido inda maikon hawaye ke fitowa, ta kuma kautar da kujerarta daga bakin iskar na'ura. An ja mata kunne a kan ruwan famfo: ba a wanke lens ko gidansa da shi, kuma ba a taɓa lens da jiƙaƙƙen hannu, saboda ƙwayar akantamiba da ke iya cinye koniya. Ciwo, jan ido ko kasa kallon haske ba maganar juyawa ba ce, a cire lens a ga likitan ido a ranar.

Da a ce bushewar ta ƙi jin magani, akwai hanyar da ta dace da idonta musamman: lens mai tauri da iska ke ratsawa, wanda ba torik ba. Shi ba ya ɗaukar siffar koniya, hawaye ne ke cike gurbin da ke tsakaninsu su shafe kusan kashi 90 cikin 100 na astigmatizim ɗin koniya, kuma ko ya juya babu abin da zai canza. Awon keratomita na farko shi ya buɗe wannan ƙofar, tunda ya nuna ratar koniyarta daidai take da silindar takarda. Ga wanda astigmatizim ɗinsa daga cikin ido yake fitowa, koniyarsa kuma kusan a daidaice, lens mai tauri na gama-gari ba zai gyara komai ba, torik mai laushi ya fi dacewa da shi. Akwai kuma rukunin da torik mai laushi ba ya isarsu ko alamar ta tsaya daram: masu koniyar da ta yi tsini ko tabo, ko wadda tsoka ta tsiro daga farin ido ta hau kanta tana janta. Alamarsu ita ce ko da tabarau ba sa kai 6/6, silinda da aksis kuma suna canzawa daga awo zuwa awo. Matashin da ya taso da ƙaiƙayin ido yana yawan murza shi, silindarsa tana hawa shekara bayan shekara, hoton taswirar koniya yake buƙata kafin a yi maganar kowane irin lens.